Ban san inda na dosa ba, ta yaya zan tsara shekara biyar?

Assalamu alaikum Yaya. Shekarata 24, na gama digiri a fannin tattalin arziki bara. Yanzu ina ɗan koyar da lissafi a wata makaranta, abin da ake ba ni bai taka kara ya karya ba. Mahaifina yana so in koma in yi digiri na biyu, wani abokina yana jana zuwa kasuwanci, ni kuma wani lokaci sai in ji ina sha'awar aikin nazarin bayanai da kwamfuta, wani lokaci in ji koyarwar ma ba laifi. Kowa cewa yake in zauna in rubuta tsarin shekara biyar. Sau uku ina ɗaukar biro da takarda, da na rubuta "shekara ta farko" sai kaina ya kulle. Ta yaya wanda bai san inda ya dosa ba zai tsara tafiya? Don Allah a taimaka mini da shawara.

Wani ƙaninka

Wa alaikumus salam ƙanena.

Biron nan ba don gazawarka yake tsayawa ba. Yana tsayawa ne domin kana neman takarda ta ba ka amsar da ba ta da ita. Zaɓin sana'a yana buƙatar hujja, kai kuma a yau hujjar da ke hannunka kaɗan ce: abin da ka ji daga bakin mutane, da abin da zuciyarka ta raya maka da dare. Ko ka zauna sau goma, abin da ke cikin kan shi ne dai zai yi ta jujjuyawa. Don haka shawarata ita ce kada ka sa wa shekara ta farko sunan wata sana'a ko ɗaya. Aikinta shi ne gwaji, kuma abin da za ka riƙe a ƙarshenta shi ne zaɓi guda wanda ka san dalilinsa. Sauran shekaru huɗun a kan wannan zaɓin za su hau.

Wannan yana nufin tsarin naka ba zai zama da kauri ɗaya ba. Shekara ta farko za ka rubuta ta wata-wata. Ta biyu za ka raba ta gida huɗu, wata uku-uku. Ta uku layi biyu ko uku sun ishe ta. Ta huɗu da ta biyar kuwa layi ɗaya-ɗaya, kuma da fensir, domin za ka goge. Duk wanda ya nuna maka tsarin da ya fayyace watan Maris na shekara ta biyar dalla-dalla, to ya rubuta buri ne kawai. Ni ma na taɓa yin irinsa ina kusan shekarunka. Na jera muƙamai shekara bayan shekara a wani fanni da ban taɓa yini ɗaya a cikinsa ba, kuma da na shiga, wata huɗu ya ishe ni in gane cewa sunan aikin nake so, aikin kansa yana gundurata. Har yau ina jin zafin shekara biyun da na ƙara a ciki saboda kunyar soke abin da na rubuta da hannuna. Shi ya sa maganarka ta taɓa ni.

Bari mu shiga shekara ta farko, domin a nan aikin yake.

Watan farko na tambaya ne. A kowace hanya cikin ukun nan, wato nazarin bayanai da kasuwanci da koyarwa, ka nemi mutum 5 da suke cikinta aƙalla shekara uku, ka roƙi minti 20 na lokacinsu. Mutum 15 ke nan. Kada ka tambaye su ko sana'ar tana da kyau, domin kowa zai yabi tasa ko ya kushe ta gwargwadon yadda ya tashi ranar. Ka ce, ranar Talatar da ta wuce, me ka yi daga safe zuwa yamma? Wane ɓangare na aikin ne yake korar sababbin shiga? Ta wace ƙofa ka samu aikinka na farko ko cinikinka na farko? Wanda ya shekara ɗaya da wanda ya shekara biyar, wane bambanci ne tsakanin samunsu? Ka rubuta amsoshin a ranar, kafin su gauraye a kanka. Idan mutum huɗu cikin biyar suka ambaci abu ɗaya ba tare da sun san juna ba, ka ɗauke shi da muhimmanci.

Kuma kada ka tsaya kan aminanka. Wani masanin zamantakewa, Mark Granovetter, ya fitar da wani bayani a 1973 wanda har yau ake kafa hujja da shi. Ya bincika yadda mutane suka samu labarin aikin da suke yi, sai ya tarar cewa cikin waɗanda suka samu ta hannun wani, yawancinsu ta hannun wanda suke gani jefi-jefi ne, ba wanda suke tare kullum ba. Dalilin a fili yake. Amininka abin da ka sani shi ya sani, mutanen da ka sani su ya sani. Tsohon ɗan ajinku da kuka rabu tun aji biyu, ko yayan abokinka, ko malamin da ya duba aikin bincikenka na ƙarshe, su ne suke tsaye a ƙofofin da ba ka gani. A ƙarshen kowace hira ka ce, wa kake ganin ya kamata in ƙara tuntuɓa? Da haka mutum 15 suke cika.

Daga wata na 2 zuwa na 4, gwajin nazarin bayanai. Awa 8 a mako, mako 12, awa 96 ke nan. Ba za ta mai da kai ƙwararre ba, amma ta isa ta nuna maka ko jininku ya haɗu. Abin da nake so ka kiyaye shi ne kada gwajin ya zama kallon darussa a waya. Kallo yana da daɗi a kowane fanni, ba ya bambance komai. Ka ba koyon Excel mako huɗu, musamman yadda ake tsabtace bayanai da yadda ake taƙaita su da PivotTable. Sannan ka nemi izinin shugaban makarantarku a ba ka sakamakon jarabawar lissafi na zango uku ko huɗu, a cire sunayen yara, ka yi aiki a kansa. Ka sa wa kanka tambaya ɗaya: a wane aji maki yake fara faɗuwa, kuma a wane zango? Za ka tarar da gurabe babu komai, da maki da aka rubuta sau biyu, da wanda ya wuce 100 saboda kuskuren bugu. Gyaran irin wannan shi ne kaso mai tsoka na aikin, kuma shi ne ainihin gwajin. A mako na 12 ka miƙa wa shugaban shafi biyu, da jadawali ɗaya da zane ɗaya, ka ga ko zai yi amfani da shi.

Daga wata na 5 zuwa na 7, gwajin kasuwanci. Ka ware jarin da in ya narke gaba ɗaya ba zai hana ka barci ba, kada ya wuce samunka na wata ɗaya, kuma kada ka ci bashi dominsa. Kaya iri ɗaya, ka saya da kanka, ka sayar da kanka, ka riƙe littafin shiga da fita har kuɗin mota da na kiran waya. Kada ka zuba kuɗin a harkar abokinka ka koma gefe kana jiran riba, domin wannan gwajin abokinka ne, ba naka ba. A wata uku riba ba za ta gaya maka abu mai yawa ba. Abin da za ka gano shi ne yadda kake ji idan mutum goma suka taya suka tafi, da ko za ka iya bin bashi a wurin wanda kake jin nauyinsa, da ko ka iya raba kuɗin kasuwa da na aljihu. Mutane da yawa suna son kasuwanci har sai ranar da suka tsaya a ƙofar wani karo na uku suna neman haƙƙinsu.

Wata na 8 da na 9 na koyarwa ne. Na san kana yinta, amma yinta don rage zafi daban, gwada ta a matsayin sana'a daban. Ka zaɓi babi ɗaya da ɗalibanka suke faɗuwa a kai, ka yi musu ƙaramin gwaji na tambaya 10 kafin ka fara, ka sauya salon koyarwarka na mako shida, ka sake gwaji irinsa. Ka roƙi gogaggen malami ya zauna a ajinka sau biyu ya faɗa maka gaskiya.

Duk tsawon wannan lokaci, akwai ɗan littafi da za ka riƙe. Kowane ƙarshen mako ka rubuta awa nawa ka yi da gaske, sannan ka ba kanka maki daga 1 zuwa 5 a kan abu uku: ko kana ɗokin komawa aikin, ko abin da ya gagare ka makon jiya ya fara sauƙi, ko wani wanda ba ɗan'uwanka ba ya amfana da shi har ya nemi ƙari ko ya biya. Minti biyar ne. Amfaninsa shi ne ƙwaƙwalwa ba ta da amana a irin wannan, makon ƙarshe kawai take riƙewa, ta manta sha ɗaya da suka gabace shi.

A nan akwai wurin da nake so ka yi hattara sosai, domin a nan ake yawan yanke hukuncin da bai dace ba. Kowane sabon abu yana da ɗaci a makonnin farko, don haka ƙananan maki a mako na 2 ko na 3 ba su nufin komai. Yadda za ka bambance ɗacin koyo da ƙin aikin shi ne ka lura da abin da ke faruwa bayan ka warware matsala. A ce ka yi awa biyu kana neman dalilin da ya sa jimillar jadawalinka ta ƙi daidaita, sai ka gano cewa wasu lambobi an shigar da su a matsayin rubutu. Idan ka ji wani sanyi a ranka har ka leƙa shafi na gaba, to wahalar ta koyo ce, za ta wuce. Idan abin da ka ji kawai shi ne "alhamdu lillahi na rabu da shi", kuma haka kake ji har mako na 10 alhali hannunka ya fara faɗawa, to saƙo ne. Mutum yana iya iya abu kuma bai so shi ba, kuma wannan shi ne tarkon da ya fi kama masu ƙwazo, domin yabo yana rufe musu ido.

Wata na 10 ka sa masa rana, ka rubuta ta tun yau. Ranar za ka baje littafin ka zaɓi hanya ɗaya. A ce nazarin bayanai ya ba ka 4 a ɗoki, 4 a ci gaba, 3 a amfanar wasu, kasuwanci ya ba ka 2 da 3 da 3, koyarwa ta ba ka 3 da 4 da 4. Kasuwanci ya fita. Sauran biyun sun yi kusa, sai ka koma kan hirarrakin watan farko: ranar Talatar wa kake so ta zama taka nan da shekara biyar, kuma samun wace hanya zai ɗauki nauyin da ke tafe a kanka? Ba za ka samu tabbaci ɗari bisa ɗari ba, kuma kada ka jira shi. Abin da kake ɗauka alƙawarin shekara biyu ne, ba na har abada ba. Amma fa ɗaya za ka ɗauka, taura biyu ba ta taunuwa. Wadda ta zo ta biyu tana iya zama abin da ke ciyar da kai kafin ta farko ta tsaya da ƙafarta. A misalinmu, kana koyarwa da rana, kana gina ɗayar da yamma.

To yanzu shekara ta biyu, kuma bari in ci gaba da misalin nazarin bayanai don maganar ta zauna. Kafin nan, ga ƙa'idar rubuta matakin kowace shekara. Matakin kirki yana da rana, wani na waje zai iya dubawa ya ce an yi ko ba a yi ba, kuma yinsa yana hannunka. "Zan ƙware" ba mataki ba ne, domin babu ranar da za a ce an kai. "Zan samu aiki" shi ma yana da matsala, domin rabinsa yana hannun mai ɗauka. Ka rubuta shi a matsayin fata, amma a ƙarƙashinsa ka rubuta abin da ke hannunka. Misali, awa 10 a mako na mako 48, awa 480 ke nan. Wata uku na farko koyon SQL, wato harshen da ake zaƙulo bayanai daga rumbunsu a kwamfuta da shi, har ka iya haɗa jadawali biyu ka fitar da amsa ba tare da leƙen littafi ba. Kafin wata na 9, ayyuka uku kammalallu da za ka iya nunawa, aƙalla ɗaya an yi shi ne don wani da yake buƙatarsa da gaske. A wata ukun ƙarshe, takardar neman aiki 30, kowace an gyara ta daidai da wurin da za ta.

Lambar nan ta 30 tana da amfani ko ba a ɗauke ka ba, domin tana nuna inda ciwon yake. Idan ka aika 30 babu wanda ya kira ka, matsalar tana takardunka ko irin guraben da kake nema. Idan an kira ka sau biyar ba a ɗauka ba, takardun sun yi, gyaran yana wurin ganawa ko gwajin da ake ba ka. Wanda ya rubuta "samun aiki" kawai, in bai samu ba abin da zai ce shi ne ya gaza, bai san me zai gyara ba.

Sai maganar lokaci. Duk ranar da ka sa wa wani mataki, ka ƙara mata rabi. A 1994 Roger Buehler da abokan aikinsa suka tambayi ɗaliban jami'a kwana nawa zai ɗauke su su gama aikin bincikensu na ƙarshe. A matsakaici suka ce kusan kwana 34. Da aka bi sawu, sai da ya ɗauke su kusan kwana 55, kuma waɗanda suka gama a lokacin da suka faɗa ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Kai da ka rubuta naka bara, na san ba sai an yi maka dogon bayani ba. Idan zuciyarka ta ce wata huɗu, rubuta shida. Tsare-tsare da yawa ba lalaci ne ya kashe su ba, mai su ne ya sa ranakun da babu wanda zai iya cikawa, ya saɓa sau biyu, ya ji kunya ya daina buɗe littafin.

Gefe guda na takardar ka bar shi don kuɗi, domin shi ne yake ba mutum damar cewa a'a. Abin nema shi ne ajiyar da za ta riƙe ka wata uku in samu ya tsaya. Lissafin ba wuya, in aka ɗauka abin da ya rage bayan ajiya shi kake kashewa a wata. Mai ajiye kashi 10 cikin 100 na samunsa zai kai nan a wata 27, mai ajiye kashi 15 a wata 17, mai ajiye kashi 20 a wata 12. Ka duba wanda ƙarfinka zai ɗauka, ka sa shi a matsayin matakin ƙarshen shekara ta biyu ko tsakiyar ta uku. Ba tare da shi ba, ranar da dama ta zo wadda take buƙatar ka bar koyarwa kafin sabon albashi ya fara, sai ka kasa motsi.

Shekara ta uku, matakinta shi ne hanyar da ka zaɓa ta zama ita ce mafi yawan samunka. A nan ne kuma maganar digiri na biyu take da gurbi, kuma ina so ka ɗauke ta da mutunci, domin Baba ba don komai yake faɗa ba sai don yana so ya ga ka tsaya da ƙafarka. Digiri na biyu yana ƙara wa mai alkibla gudu, amma ba kasafai yake ba marar alkibla alkibla ba, sai dai ya ɗage masa tambayar zuwa shekara biyu gaba, da kuɗi a kai. Yadda za ka gane ko kana buƙatarsa: ka tara tallan guraben aiki 20 na matsayin da kake son kaiwa, ka ƙirga nawa ne suka ce dole sai da shi. Idan koyarwa a jami'a ko bincike ka zaɓa, za ka ga kusan duka ne, sai ka matso da shi shekara ta biyu ma. Idan uku ne cikin 20, ya jira. Ka je wurin Baba tun yanzu da takardarka a hannu, ka zauna, ka nuna masa cewa ba ƙin maganarsa ka yi ba, ga inda ka ajiye ta, ga ranar da za ka dawo masa da amsa, ka nemi addu'arsa. Yawancin iyaye abin da ke tayar musu da hankali shi ne su ga yaro yana shawagi babu rana babu wata. Idan ya ga wata na 10 a rubuce, ina kyautata zaton zai ba ka lokacin.

Ta huɗu, ka rubuta cewa za ka zaɓi ɓangare ɗaya a cikin fannin ka zurfafa, kamar bayanan ilimi ko na lafiya ko na harkar kuɗi. Ta biyar, ka zama wanda ake ba aiki ya jagoranta, ko mai abokan hulɗa na kansa. Iyakar abin da zan ce a kansu ke nan, domin mutumin da zai cike su bai iso ba tukuna, sai ya bi ta shekaru ukun farko.

Kowane wata uku ka zauna awa ɗaya da wani babba da kake jin nauyinsa, ka karanta masa abin da ka ce za ka yi da abin da ka yi. Idan ka saɓa mataki sau ɗaya, matsar da ranar, ba komai. Idan ka saɓa shi sau biyu a jere, buɗe littafin awoyi. In awoyin sun cika amma sakamako bai zo ba, hanyar koyon ce ba ta yi ba, nemi wanda ya iya ya duba aikinka. In awoyin ne ba su cika ba, ka tambayi kanka ko wani nauyi ne ya cinye lokacin, kamar rashin lafiya ko hidimar gida, sai ka rage awoyin zuwa abin da zai yiwu. In kuwa lokacin yana nan amma kullum kana samun dalilin kauce masa, to ka koma kan hanyar da ta zo ta biyu a wata na 10. Amma sauya hanya a ranar bita kawai ake yinsa, ba a daren da aka ƙi ɗaukarka aiki ba, ba kuma ranar da ka ga wani ɗan ajinku ya yi sabuwar mota ba.

A wannan makon abu biyu kawai nake so ka yi. Ka rubuta sunayen mutum biyar na farko da za ka nema, ka kira ɗaya kafin mako ya fita. Sannan ka buɗe kalanda ka ƙirga wata goma daga yau, ka zagaye ranar. In Allah ya kai mu, ka rubuto mini abin da littafin ya nuna, ina so in ji. Allah ya yi maka jagora, ya sa albarka, ka gaishe mini da Baba.